Haya ko Saye: Auna Kuɗin Kadara da Ruwan Bashi Bayan Haraji

Kamfanin da ya riga ya yanke shawarar amfani da wani inji yana da hanya biyu: ya ci bashi ya saya, ko ya ɗauki hayarsa na tsawon shekaru. Masana harkar kuɗi suna kallon irin wannan haya a matsayin bashi, domin biyanta wajibi ne, adadinta kuma sananne ne tun ranar ƙulla yarjejeniya. Saboda haka, idan za a mayar da kuɗin shekaru masu zuwa ga darajarsu ta yau, ruwan bashi ne ma'auni. Sai dai ana cire kuɗin ruwa daga riba kafin a yanka haraji, don haka ruwan da ya rage bayan haraji shi ne ainihin nauyin da ke kan kamfani.

A ƙaddara injin casar shinkafa na naira 10,000,000, wanda zai yi aiki shekara 5 ya ƙare ba shi da sauran daraja. Ruwan banki kashi 20 cikin ɗari ne, haraji kuma kashi 30, wato ruwa bayan haraji ya zama kashi 14. Kuɗin haya naira 3,400,000 ne a ƙarshen kowace shekara, wanda zai koma 2,380,000 bayan haraji. Mai haya kuma yana rasa rangwamen tsufan kadara, domin mai mallaka ake ba wa. In aka raba farashin injin daidai, 2,000,000 ke nan a shekara, harajin da za ta kare kuwa 600,000 ne. Nauyin haya a shekara ya zama 2,980,000.

A bisa kashi 14, naira ɗaya da ake biya duk shekara har sau 5 tana daidai da naira 3.433 a yau. Darajar haya ta kama kimanin 10,231,000, ta ɗara farashin injin da 231,000. Saye ya fi sauƙi.

Da an yi kuskuren amfani da kashi 20, da ma'aunin ya koma 2.991, darajar haya ta sauka zuwa kimanin 8,912,000, har a ɗauka haya ta fi da sama da miliyan ɗaya. Alamar wannan kuskure ita ce a ga an cire haraji daga kuɗin da ake aunawa, amma ba a cire shi daga ruwan ba. Haka kuma ba a sake lissafa kuɗin ruwa a ɓangaren saye, tun da ma'aunin ya riga ya ƙunshe shi.

Hanyar tana da iyaka. Kamfanin da ba ya samun ribar da za a yanka wa haraji ba shi da rangwame, ruwansa na nan a kashi 20. Idan kuma ana sa ran sayar da injin a ƙarshe, wannan kuɗi ba shi da tabbas irin na bashi, don haka a kan auna shi dabam da ruwa mafi girma.