Daga “Ranka Ya Daɗe” Zuwa Sunan Makaranta: Yadda Ake Gina Fitowar Tsofaffin Abokai a Wasan Kwaikwayo

A cikin fitowar da ake ba masu koyon wasan kwaikwayo su gwada, akwai wadda kowa yake ɗauka mai sauƙi ce: mutum biyu da suka yi aji ɗaya a sakandare sun haɗu a taron tsofaffin ɗalibai bayan shekara talatin. Babu rubutacciyar magana, kowa zai shiga rigar wanda aka ba shi ya yi magana daga bakinsa. Wannan salon ba baƙo ba ne a wurinmu. Yawancin wasannin Hausa na rediyo da talabijin, tun zamanin su marigayi Usman Baba Pategi na Samanja, a kan ƙashin labari aka gina su, 'yan wasa su cika sauran da hikimarsu.

Amma sau da yawa fitowar tana mutuwa tun a minti na farko. Da sun haɗa ido sai ihu, sai runguma, sai “Kai, ashe rai kan ga rai!” Daga nan kuma babu inda za a je. An kai ƙololuwa tun ba a fara ba, saura sai jero “ka tuna kaza, ka tuna kaza” har mai kallo ya gaji. Abin da ake nema shi ne a ga zumunci yana dawowa, kuma abu ba ya dawowa sai an fara ganin cewa ya yi nisa.

Saboda haka aikin farko na mai ba da umarni shi ne ya sa wani abu a tsakaninsu. Wanda ya fi aiki, kuma ya fi kusa da gaskiyar irin waɗannan taruka, shi ne bambancin matsayi. Keith Johnstone, malamin wasan kwaikwayo haifaffen Ingila, ya ware babi guda a littafinsa Impro na 1979 a kan wannan batu. A ganinsa, duk inda mutum biyu suke magana, kowanne yana ɗaga kansa ko yana sauke shi, ko ya sani ko bai sani ba. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin gaisuwarmu kanta tana faɗin wanda yake sama: wa ya fara miƙa hannu, wa ya ɗan rusuna, wa aka kira da Alhaji, wa aka kira da sunansa tsirara.

Mu ɗauki misali. Kabiru ya zama babban ɗan kasuwa a Abuja, ya zo da direba. Sale malamin firamare ne a garinsu, ya zo a motar haya. A makarantar kwana gadonsu ɗaya, sama da ƙasa, kuma Sale ne mai ƙoƙarin ajin, shi yake koya wa Kabiru lissafi. Kafin a fara, mai ba da umarni zai ja kowanne gefe ya gaya masa abu guda da ɗayan bai sani ba. A ce wa mai yin Sale: kana tsoron ya zaci roƙo ya kawo ka, don haka ba za ka nuna buƙata ko kaɗan ba. A ce wa mai yin Kabiru: ka ji labarin rasuwar mahaifin Sale shekaru da suka wuce, ba ka je ta'aziyya ba, kuma abin yana damunka. Sai a ba su abu biyu da suka yi tarayya a kai, kada su wuce biyu: laƙabin Kabiru na makaranta, wato Ɗanwake, da daren da aka kama su suna jiƙa gari bayan an kashe fitila.

Fitowar kada ta wuce minti biyar, kuma kusan biyun farko na gaisuwa ne zalla. Sale ya ce, “Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Ya hanya?” Kabiru ya ce, “Malam Sale, mun same ku lafiya? Ya iyali?” Kowace tambaya ta sami amsarta ta al'ada, lafiya lau, da godiya. A nan ne masu koyo suke ƙosawa, su so tsallakewa. Ni kuwa a ganina nan ne zuciyar wasan. Mai kallo ya ga mutum biyu da suka ci gabza a kwano ɗaya suna gaisawa kamar baƙin da suka haɗu a tasha, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa shi ya fara fatan wani abu ya karye. Jiki ma yana magana: akwai tazarar taku biyu a tsakaninsu, Kabiru yana juya waya a hannu, Sale yana gyara hula.

Juyin yana zuwa ne ta wani ƙaramin abu da ke cikin wurin, ba ta jawabi ba. A ce an kawo abinci, Kabiru ya ɗaga murfin, ya fara tsince albasa yana ajiyewa gefe. Sale ya gani, maganar ta suɓuce masa: “Har yanzu ba ka cin albasa, Ɗanwake?” Sai ya tsaya, don ya ji abin da bakinsa ya faɗa a gaban mutane. Wannan shirun dole a bar shi ya yi tsawo, kamar numfashi uku, domin a cikinsa ne Kabiru zai zaɓa: ya riƙe girmansa ko ya sake shi. Ya fashe da dariya ya ce, “Wallahi rabon da a kira ni da sunan nan tun ranar da muka ɗauki akwatunanmu.”

Dole daga bakin na ƙasa laƙabin zai fito. Idan Kabiru ne ya fara zolaya, to babba ne yake yi wa ƙarami alfarma, bai yi asarar komai ba. Sale kuwa ya sa mutuncinsa a faifai, kuma dariyar Kabiru ita ce amsar da ta mayar da su daidai.

Bayan nan ne labarin garin ya sami wurin shiga, amma a guntu-guntu. Wanda ya tsaya yana zayyana yadda aka yi tun daga farko, da 'yan kallo yake magana, ba da abokinsa ba, kuma kunne yana ganewa nan take. Waɗanda suka yi abu tare rabin jimla suke yi. “Daren nan na gari…” “Kai ne fa ka yi tari!” “Ni? Kai ka kifar da kofin!” Musun da suke yi a kan wanda ya jawo kamun ya fi kowace kalmar ƙauna nuna kusanci, don ba a musu irin wannan da baƙo.

Sannan sai nauyin ya zo. Dariya ta lafa, Kabiru ya ce, “Na ji rasuwar Baba. Ban zo ba, Sale.” Ya ajiye “Malam” ɗin nan da ya fara da shi. Kada ya kawo uzuri, kada kuma Sale ya yi wa'azin yafiya. “Allah ya jiƙansa. Yakan tambaye ka,” ya wadatar. Idan aka tsallake wannan gaɓa, fitowar za ta yi daɗi amma ba za ta zauna a rai ba, domin shekara talatin ɗin ba su ci wa kowa komai ba.

Idan mata ne 'yan wasan, ginin ɗaya ne, sai dai abin da ke tsakani yakan zama aure da haihuwa, kuma “Hajiya” ko “Maman wane” ne zai faɗi a koma sunan yarinta.

A wurin gwaji akwai hanya mai sauƙi ta gane ko an dace. A sa wani ya kalla daga nesa, inda ba ya jin magana, sannan a tambaye shi a wane lokaci ne suka koma abokai. Idan ya nuna daidai wurin albasar, saboda ya ga tazarar ta rufe kuma wayar ta koma aljihu, aiki ya yi. Idan ya ce tun farko abokai ne, ko ya ce bai ga canji ba, sai a koma kan gaisuwar, a tsawaita ta, a hana su taɓa juna har sai laƙabin ya fito.