An Yanke Kyalle, Wa Zai Ƙirga Amfanin?

A shekarar 2002 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na mayar da bayanan majinyata a asibitocin hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, cikin kwamfuta. Manufar ita ce likita ya buɗe tarihin lafiyar mutum a duk asibitin da ya je, takardar magani ta isa kanti ta intanet, hoton ƙashi ya fito a allon kwamfuta. A watan Satumban 2011 gwamnati ta ce za ta wargaza shirin. Sai majalisar dokoki ta tambaya: kuɗin da aka zuba, me suka haifar?

Amsar ta fito a 2013, bayan ofishin binciken kuɗin gwamnati ya duba lissafin ma'aikatar lafiya. Zuwa watan Maris na 2012 an kashe fam biliyan 7.3, amfanin da aka ce ya shigo hannu kuwa fam biliyan 3.7 ne. Ma'aikatar ta yi hasashen cewa a ƙarshe kuɗin aikin zai kai biliyan 9.8, amfani kuma biliyan 10.7. A takarda an ci riba ke nan, sai dai kusan kashi biyu cikin uku na wannan amfani bai zo ba tukuna, kuma a wasu sassan shirin kashi 98 cikin 100 ne ake jira. Masu binciken suka ce akwai shakka babba a kan ko zai zo. Gashi kuma an rushe shirin daga tsakiya, alhakin ya koma kan asibitoci ɗaiɗai.

Irin wannan giɓi ne tsarin bin diddigin amfanin aiki yake ƙoƙarin toshewa. Takarda ce da ake rubutawa tun kafin a saki kuɗi, kuma tana ci gaba da aiki bayan ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi. Hanyoyin gudanar da ayyuka da suka samo asali daga gwamnatin Birtaniya, irin su PRINCE2, sun tanadi cewa a sake duba amfani bayan an rufe aiki, domin galibin amfanin a lokacin ne yake fara bayyana. Ɗan kwangila kaya yake miƙawa: gini, hanya, na'ura. Ko kayan sun rage wa jama'a wahala, wannan ba ya cikin takardar kammala aiki.

A ɗauki misali na ƙirƙira, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Wani babban asibiti yana karɓar majinyata 300 a rana, kuma yana so ya daina amfani da fayil na takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar ɗakin kati yana kallon ma'aikaci yana tonon fayiloli masu ƙura ya san inda matsalar take. Idan tsarin ya ce “za a inganta kula da majinyata”, bai faɗi komai ba, don babu ranar da za a iya cewa hakan ya tabbata ko bai tabbata ba. Abin da ya kamata a rubuta shi ne: neman fayil yana cin minti 20, za a mayar da shi minti 5, fayil 30 cikin 300 ba a ganinsu a rana, za su koma 3.

Wannan minti 20 ɗin shi ne ginshiƙin komai, kuma shi aka fi mantawa. Dole wani ya zauna da agogo a bakin taga na mako biyu ko uku, kafin a kawo kwamfuta ko ɗaya, ya rubuta lokacin da majinyaci ya miƙa kati da lokacin da fayil ya fito. Idan ba a auna a lokacin ba, shi ke nan, an rasa, domin bayan shekara kowa zai faɗi abin da ya tuna ne, kuma wanda ya kawo aikin zai tuna layin ya fi tsawo. Lokacin awon ma yana da tasiri. Wanda ya auna a watan Satumba, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya cika asibiti, sannan ya dawo ya auna a Fabrairu, zai ga layi ya ragu ko da kwamfutocin suna cikin kwali. A kwatanta Satumba da Satumba.

Sai maganar wanda zai ɗauki alhaki. Kowane amfani ana rubuta muƙamin mutum ɗaya a gabansa, kuma ba manajan aikin ba, don shi mai tafiya ne. A misalinmu, shugaban sashen kati ne ke riƙe da minti 5 ɗin, akanta kuma ke riƙe da ragin kuɗin buga kati. A gaban kowanne ana sa ranar dubawa: wata uku bayan fara aiki, wata shida, shekara guda. Idan aka rubuta “kwamiti” a gurbin mutum, an san yadda za ta ƙare.

Wajen ƙirga amfanin da kuɗi ne ake yawan yin kwaskwarima. Minti 15 sau 300 ya ba da awa 75 na jira da aka rage wa jama'a kullum. Alheri ne na gaske, amma ko kwabo bai shiga asusun asibiti ba. Mai son rahoto ya yi kyau zai sa wa awannin nan farashi ya tara su da kuɗin hannu. Tsari mai gaskiya yana ware su. Idan an daina kashe naira 400,000 a wata wajen buga kati da fayil, wannan kuɗi ne da akanta zai iya nunawa. Amma man janareto, intanet da gyaran na'urori na iya cinye 250,000, don haka ragin na ainihi 150,000 ne. Sabon nauyin da aikin ya jawo shi ma yana da layinsa a takardar.

Ba sai an jira shekara ba kafin a gane abu ya karkace. A duban wata uku, a ƙirga majinyata nawa aka yi wa rajista kai tsaye a kwamfuta. Idan aka tarar ma'aikata suna rubutu a babban littafi tukuna, sannan da yamma su kwafe cikin na'ura, to aiki ya ninka, kuma minti 5 ba zai samu ba. Dalilin na iya zama ƙarancin horo, ko wutar da ke ɗaukewa ta sa ba su yarda da na'urar ba. A wata uku ana iya gyara wannan da ɗan kuɗi kaɗan, muddin an ware su tun farko.

Tsarin yana da iyaka. Ba ya mayar da aikin da bai dace ba ya zama mai amfani, kuma idan wanda ya yi alkawari shi ne mai awo shi ne mai rahoto, takardar ta zama ado. A Ingila, sai da ofishin bincike mai zaman kansa ya duba kafin jama'a su san cewa mafi yawan biliyan 10.7 ɗin hasashe ne. Saboda haka ɗan jarida, kansila ko ƙungiyar unguwa da aka gayyata bikin buɗe wani aiki su nemi sanin adadin da aka auna kafin a fara, muƙamin wanda zai amsa tambaya, da ranar da za a dawo a sake aunawa.