Wasiƙar da Ke Buɗe Ƙofar Kundi

Kafin ɗalibin digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe ya fara kundinsa, sai ya rubuta wa malamin da zai duba aikin wasiƙa. A ciki zai faɗi abin da yake son ya bincika da yadda zai yi. Mu ɗauki ɗalibin da ya zaɓi ganga dogarau a harshen Kariya, wani ƙaramin harshe na dangin Cadi da ake ji a ƙaramar hukumar Ganjuwa ta jihar Bauchi.

Ganga dogarau ba baƙon abu ba ne, kullum muna faɗarsa. In ka ce "yaron da ya zo jiya", guntun nan "da ya zo jiya" shi ne ganga dogarau: ba ya tsayawa shi kaɗai, aikinsa ya fayyace wane yaro ake nufi. A Hausa har lamirin lokaci yake sauyawa a cikinsa. Mukan ce "mutane sun zo", amma "mutanen da suka zo". "Suna aiki", amma "waɗanda suke aiki".

Bayan gaisuwa da ranka ya daɗe, ɗalibi mai kan gado ba ya ɓata shafi yana kukan cewa harsuna na mutuwa, Farfesa ya riga shi sani. Yakan tafi kai tsaye, kamar haka: "Malam, ina neman izinin in bincika waɗanne sunaye ne Kariya ke bari a ɗora musu ganga dogarau, kuma a ina take barin gurbi, a ina take saka wakilin suna."

Wannan tambaya tana da tushe. A 1977 Edward Keenan da Bernard Comrie suka duba harsuna kusan hamsin, suka ga akwai matakala. Mafi sauƙi shi ne mai aikata aiki: "yaron da ya zo". Sai wanda aiki ya faɗa wa: "yaron da na gani". Sai wanda aka yi wa ko aka ba: "yaron da na ba kuɗi". Daga nan abin ke nauyi. Hausa takan ce "wuƙar da na yanka nama da ita", ko "mutumin da ɗansa ya tafi". Lura da "ita" da kuma "sa" ɗin da ke jikin "ɗansa". A saman matakala an bar gurbi wayam, ba wanda ke buƙatar cewa "yaron da na gan shi", amma a ƙasa wakilin suna ya shigo ya riƙe wurin. Ɗalibin yana so ya gano matakin da Kariya ke fara yin haka.

Dole kuma ya nuna ya karanta magabata. Neil Skinner ya wallafa kwatancen kalmomin harsunan arewacin Bauchi a 1977, sannan Russell Schuh, wanda ake kira Malam Takalmi, ya fitar da nahawun Miya a 1998. Miya maƙwabciyar Kariya ce kuma 'yar uwarta, don haka littafin zai zama ma'auni. Sai dai a yi hattara, 'yan uwantaka ba ta hana bambanci.

Inda wasiƙa ke ci ko faɗuwa shi ne hanyar tattara bayanai. Mutanen yankin suna jin Hausa sosai, kuma a nan tarkon yake. In ɗalibi ya ce wa dattijo, "Baba, yaya ake cewa wuƙar da na yanka nama da ita?", dattijon zai iya bin jimlar Hausa kalma bayan kalma don ya faranta wa baƙo. Sai a rubuta Hausa sanye da rigar Kariya a ce an yi bincike. Ana gane haka idan wani gini yana fitowa a fassara kaɗai, ba ya taɓa ɓullowa a tatsuniya ko hira.

Maganin shi ne a fara da naɗar tatsuniyoyi da labaran gari da hirar tsofaffi da matasa, maza da mata, da yardarsu, a rubuta su tare da alamar karin sauti, domin a harsunan Cadi karin sauti kan bambanta nahawu. Amma hira kaɗai ba ta isa ba, don ƙananan matakan ba safai suke fitowa ba. Sai a ƙara da hotuna: yara biyu, ɗaya kare na binsa, ɗaya yana bin kare, a sa mai magana ya faɗi wanne ya zaɓa. Dole ya yi ganga dogarau da bakinsa, ba tare da an ɗora masa Hausa ba.

Saura lokaci da kuɗi. Ya faɗi yaushe zai je, ya kauce wa damina lokacin da kowa ke gona, ya kuma faɗi inda zai ajiye muryoyin da ya naɗa don masu harshen su samu. Wasiƙar da ta yi alkawarin rubuta nahawun Kariya gaba ɗaya a shekara guda, malami ya mayar da ita. Wadda ta tsaya a kan tambaya ɗaya, ta kuma nuna yadda za a tsallake tarkon fassara, ita ta cancanci sa hannu.