Gaya: ragin kashi 2 cikin 100 da tsadar barin shi

Garin Gaya, cikin jihar Dosso, ya daɗe yana cin abinci da iyaka. Gada ce kawai bisa kogin Kwara ta raba shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Najeriya kuwa tana nan gabas, tafiyar ɗan lokaci. Shekaru da dama shinkafa da man girki da atamfa da gwanjo da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta nan suka riƙa shigowa, wasu su wuce Yamai da Maraɗi, wasu su juya zuwa Najeriya. A irin wannan fatauci ba kasafai ake biyan kaya nan take ba. Babban ɗan kasuwa yakan ba da kaya bashi, a sa ranar biya.

A kan takardar kuɗin kaya da wasu kamfanonin waje ke aikowa, akan ga wani ɗan rubutu a ƙasa: 2/10 net 30. Ma'anarsa ita ce, wanda ya biya cikin kwana 10 za a rage masa kashi 2 cikin 100, wanda bai biya ba kuwa yana da har kwana 30, amma zai biya kuɗin cif. A cikin kasuwa ba a cika rubuta haka ba, sai dai a ce ga kuɗin hannu, ga kuɗin bashi. Lissafin dai ɗaya ne.

Yawancin ƴan kasuwa suna raina wannan ragi. Kashi 2 me zai yi wa mutum? Gara kuɗi su ƙara kwana a hannu. To, a ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa a Gaya ya karɓi shinkafa ta sefa miliyan 10 bisa wannan sharaɗi. In ya biya ran kwana na 10, miliyan 9 da jikka 800 zai ba da. In ya jira kwana na 30, miliyan 10 zai ba da. Bambancin jikka 200 ne. Abin da jikka 200 ɗin nan ta saya masa shi ne damar riƙe miliyan 9 da jikka 800 na tsawon kwana 20 kacal, domin kwana 10 na farko kyauta ne ga kowa. Watau mai kaya ya ranta masa kuɗi na kwana 20, ya kuma ɗora ladan rancen a cikin farashi, ko da yake babu inda aka rubuta kalmar rance.

Daga nan sai a mai da shi lissafin shekara, tunda da shekara bankuna ke faɗin tsadar bashinsu. Jikka 200 a kan miliyan 9 da jikka 800 ta kama kashi 2,04 cikin 100, ta ɗan zarce kashi 2, saboda kuɗin da aka riƙe ba su kai miliyan 10 ba. Shekarar banki kwana 360 ce, akwai kwana 20 sau 18 a cikinta. A ninka 2,04 sau 18, a sami kusan kashi 36,7 cikin 100 a shekara. A taƙaice ana rubuta shi haka: (2 ÷ 98) × (360 ÷ 20). Wanda ya yi da kwana 365 zai sami 37,2. In kuma aka ce kowace jikka 200 da aka tsira da ita za a sake juya ta, tsadar tana haura kashi 44.

Domin a gane girman wannan adadi, sai a auna shi da ma'aunin hukuma. A farkon shekarar 2014, hukumomin kuɗi na ƙasashen yammacin Afirka masu sefa suka tsaida iyakar ruwan bashi a kashi 15 cikin 100 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ajiya da lamuni. Abin da ya wuce haka doka ta ɗauke shi cin haram da ruwan bashi. Ga shi ɗan kasuwa da hannunsa ya karɓi kashi 36,7, yana murna an yi masa mutunci an ba shi wata guda. Da zai ranci miliyan 9 da jikka 800 ɗin a banki bisa kashi 15 na kwana 20, ruwan bai kai jikka 82 ba. Ko bisa kashi 24 ne, bai wuce jikka 131 ba. Sai dai banki yakan cire kuɗin takardu, yakan nemi jingina, kuma ba ya hanzari. In waɗannan suka cinye saura, ribar ta tafi. Wanda ke ƙyamar bashi da ruwa saboda addini, shi ma lissafin yana yi masa amfani, don ya nuna masa cewa kuɗin da ke kwance a akwati, ko kayan da za a iya sayarwa da ɗan sassauci a biya da wuri, sun fi jira.

Amma fa jira ba kullum ne wauta ba. Tambayar ita ce: me kuɗin za su yi cikin kwana 20 ɗin nan? In ɗan kasuwan zai iya sayen albasa ko wake, ya sayar, ya dawo da uwar kuɗi da ribar da ta fi jikka 200 bayan an cire kuɗin mota da na duwan, to riƙe kuɗin ya fi. In ribar jikka 150 ce, ya yi wahala ne kawai, ya kuma yi asarar jikka 50 bai sani ba, tunda asarar ragi ba ta fitowa a littafi. Haka nan in da naira aka rubuta kuɗin kayan, kuma naira tana faɗuwa kamar yadda ta yi bayan da Najeriya ta sake ta a watan Yuni na 2023, faɗuwar fiye da kashi 2 cikin kwana 20 ta isa ta biya ragin da aka bari. In ta tashi kuwa, asara biyu ke nan.

Akwai masu wata dabara: su bar ragin, su kuma ƙi biya ran kwana na 30, sai na 60. A takarda tsadar tana sauka, domin jikka 200 yanzu ta sayi kwana 50, abin da ya kama kusan kashi 14,7 a shekara. Abin da takarda ba ta nunawa shi ne mai kaya yana lura. Karo na gaba ko ya ƙara farashi, ko ya ce sai kuɗi hannu, kuma a gari irin Gaya, inda manyan fatake suka san juna, labarin mai jan ƙafa wajen biya ba ya daɗewa bai zagaya ba.

Abin da ya fi cutar mutanen iyaka shi ne ranar da ake fara ƙirga. A bisa al'ada daga ranar da aka rubuta takardar kuɗin ne, ba daga ranar da kaya suka iso ba. Daga Kwatano zuwa Malanbil ya fi kilomita 700, ga jiran sauke kaya a tasha, ga layin duwan. Kwana 10 na iya ƙarewa mota ba ta ga gada ba. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da lokacin da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Yuli 2023, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, kaya sun tsaya amma ranakun biya ba su tsaya ba. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi yakan nemi a rubuta cewa ƙirga za ta fara ne daga ranar da ya karɓi kaya a mangazarsa. Mai kaya yakan yarda da wannan fiye da yadda zai yarda ya ƙara ragi, musamman ga wanda ya saba biya kan lokaci.

Ga ma'aikacin da ke riƙe da littafin kuɗi na kamfani ko na ƙungiyar manoma, tsarin lissafi na OHADA ya ware wa irin wannan ragi wurinsa dabam da rangwamen ciniki: wanda aka samu ana shigar da shi a lamba 773, wanda aka bai wa wani a lamba 673, cikin harkokin kuɗi, kusa da ruwan bashi. In shekara ta ƙare lamba 773 babu komai alhali masu kaya sun yi tayin ragi, ya kamata shugaba ya sa a tattaro takardun shekarar, a tara kashi 2 na kowace, a gwada jimlar da abin da banki zai karɓa a kan kwanakin.