Kafin Ka Zauna Gaban Likita, Rubuta Ranar da Ciwon Ya Fara

A shekarar 2017 mujallar likitanci ta BMJ Open ta wallafa wani nazari da ya tattaro bayanai daga ƙasashe 67 kan tsawon lokacin da majinyaci ke samu a gaban likita. A Bangladash abin bai kai minti ɗaya ba, daƙiƙa 48 ne kacal, a Suwidin kuwa ya haura minti 22. Ƙasashen da ke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya, minti biyar ne ko ƙasa da haka. Duk wanda ya taɓa yin sammakon karɓar kati a asibitin gwamnati ya san ɓangaren da muka fi kusa da shi.

Cikin waɗannan 'yan mintuna likita zai ji bayani, ya duba jiki, ya rubuta gwaji da magani. Abin da ya fi cin lokacin shi ne laluben amsar tambayoyi biyu: yaushe ya fara, kuma me aka sha? Amsar da aka saba bayarwa ita ce "ya ɗan kwana biyu" da "wata farar ƙwaya ce 'yar ƙarama". Saƙon da majinyaci ya rubuta tun a gida, a takarda ko a waya, shi ke cike wannan giɓi. A ganina, sashen da ya fi kowane daraja a cikinsa shi ne jeren lokaci, wato me ya riga me.

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah ce mai shekara 54, tari ya hana ta barci. Idan ta shiga ta ce, "Likita, tari ne ya dame ni, sanyi ne ya kama min ƙirji," ba mamaki ta fito da maganin tari, ta koma gida ta ci gaba da fama. Amma a ce 'yarta ta zaunar da ita da daddare, suka zazzage jakar magunguna a kan tabarma, suka duba kwanan watan da ke jikin takardar asibiti, sannan suka rubuta wannan:

"Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 54, ina da hawan jini. Abin da ya kawo ni busasshen tari ne, yau mako shida. A farkon watan Maris aka ɗora ni a kan Lisinopril 10mg, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Kamar mako biyu bayan nan tarin ya fara, da ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya fi tsanani in na kwanta. Babu majina, babu jini, babu zazzaɓi ko gumin dare, ban rame ba, kuma babu mai tari a gidanmu. Na sha maganin tari na ruwa kwalba biyu, da Amoxicillin 500mg sau uku a rana na kwana biyar daga kemis, babu sauƙi. Ina shan Diclofenac 50mg kusan kullum saboda ciwon gwiwa, da jiƙon saiwoyi da yamma. Babu maganin da ya taɓa tayar min da borin jini. Awon jinina na ƙarshe 156/94. Tambayoyina: ko tarin yana da alaƙa da sabon maganin? Ina bukatar gwajin tarin fuka? Me zan sha don gwiwa wanda ba zai taɓa hawan jinin ba?"

Karanta wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma dubi abin da ya miƙa wa likita. An san Lisinopril da 'yan uwansa da haddasa busasshen tari ga kusan mutum ɗaya cikin goma masu shan su, kuma ya fi kama mata. Maganin tari ba ya kawar da shi, haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin babu ƙwayar cutar da za a kashe. Idan likita ya sauya shi da wani, kamar Losartan, tarin kan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, ko da yake a wasu mutane yakan ja har wata uku. Abin da ya tona asirin shi ne jumla biyu da aka jera a kan tsari: magani a farkon wata, tari a tsakiyarsa. Da ta ambaci tarin shi kaɗai, ko ta ambaci maganin ba tare da ranar farawa ba, da zaren ya ɓace.

Layin nan na "babu majina, babu jini, ban rame ba" shi ma aiki yake yi. Tarin da ya kai mako biyu dalili ne na a yi tunanin tarin fuka, kuma waɗannan su ne tambayoyin da likita zai yi ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba. Amsa su tun farko bai soke gwaji ba, don har yanzu likita na iya tura ta gwajin majina, wanda kyauta ake yi a cibiyoyin gwamnati na tarin fuka a Najeriya. Amma ya taimaka masa ya san inda zai fi karkata.

Sai batun Diclofenac, wanda mutane da yawa ba sa lissafa shi a magani saboda ba likita ne ya rubuta ba. Shi da Ibuprofen suna iya ɗaga hawan jini, su rage ƙarfin maganinsa, kuma haɗa su da Lisinopril kullum na iya wahalar da ƙoda. Ke nan awon 156/94 da ya ƙi sauka yana iya samun bayani a nan, kuma likita zai so a gwada ƙodarta. Wannan ne ya sa nake roƙon masu karatu kada su ɓoye komai don jin kunya ko tsoron faɗa. Jiƙo, tsimi, kanwa, maganin basir na 'yan talla, allurar da aka yi a kemis, duk a rubuta. In ba a san abin da ke cikin jiƙon ba, a ce haka, a tafi da shi a kwalba. Sunan magani kuwa a kwafe shi harafi da harafi daga jikin kwalinsa, tare da lambar ƙarfinsa, ko a ɗauki hoton kwalin gaba da baya.

Inda saƙo ya fi lalacewa shi ne a buɗe shi da hukunci: "ina da taifot", "ulsa ce ta tashi". Rubuta abin da jikinka ya ji, a ina, tun yaushe, me ke ƙara shi, me ke rage shi. Zatonka ya koma cikin tambayoyi, kamar yadda wannan baiwar Allah ta yi. In ranar farawa ta shige maka, ka jingina ta da abin da ba ka mantawa, kamar shigowar azumi ko sunan da aka yi a gidanku, sai ka duba kalanda ka mayar da ita kwanan wata. Tambayoyi kada su wuce uku, kuma wadda ta fi damunka ta zo a farko, domin da yawa sai sun miƙe za su fita suke faɗin ainihin abin da ya kawo su.

Ba kowane asibiti ke karɓar saƙon waya ba, don haka a tambaya a wurin yankar kati. In ba su karɓa, takarda a hannu ta wadatar. Kada kuma mai shan maganin hawan jini ya dakatar da shi da kansa don ya karanta wannan shafi ya zargi ƙwayarsa; sauyin na likita ne.

Akwai kuma halin da ba a tsayawa rubutu. Mai shan Lisinopril da ya ga leɓensa, harshensa ko fuskarsa sun kumbura, abin da ya fi faruwa ga baƙar fata, ya nufi sashen gaggawa nan take, domin kumburin na iya toshe numfashi. Haka wanda ƙirjinsa ya ɗaure, ko numfashi ya gagare shi, ko ya yi tarin jini mai yawa, ko bakinsa ya karkace da mutuwar ɓarin jiki. A irin wannan hali sai a kwashi jakar magungunan gaba ɗaya a tafi da ita, wanda ya raka shi ya riƙe a ransa ƙarfe nawa abin ya fara, don ita ce tambayar farko da za a yi masa.