Kwana 47 a Apapa: Yadda Kwantenar Ɗan Kasuwa Ta Maƙale a Tasha

A wani shago da ke cikin kasuwar Sabon Gari a Kano, akwai wani Alhaji mai sayar da kayan lantarki wanda ya shafe makonni yana share kantoci babu kayan da zai jera. Ya kwashe tsofaffin kwalaye, ya kama sito, ya karɓi kafin alƙalami daga 'yan sari na Haɗeja da Gumel da Maraɗi, domin kwantenarsa mai ƙafa 40 ta taso daga Guangzhou maƙare da fankoki masu caji. Lissafinsa shi ne kayan su iso kafin zafin Afrilu ya kankama, lokacin da kowane magidanci ke neman abin da zai hura wa iyalinsa iska in an ɗauke wuta. Jirgi ya iso Apapa a tsakiyar Maris kamar yadda aka tsara. Kwantena kuwa ba ta bar tashar ba sai bayan kwana 47.

Da na tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce: "Malam, ni na ɗauka matsalata a Legas take. Ashe tun a Chana na ɗaure kaina, ban sani ba." Wannan magana tasa ita ce gaskiyar yawancin kayan da ke maƙalewa. Kwantena takan tsaya ne saboda takarda, kuma galibi kuskuren takardar yakan faru tun kafin jirgi ya taso.

Duk mai shigo da kaya Najeriya ta ruwa, farkon abin da yake yi shi ne buɗe Fom M ta hannun bankinsa, kafin a yi lodi. A cikin wannan takarda yake bayyana irin kayan da yawansu da kuɗinsu, da kuma lambar da kwastam ke gane kowane nau'in kaya da ita. Idan kayan lantarki ne, ana buƙatar takardar ingancin kaya ta SONCAP, wadda ake samu bayan an gwada kayan a ƙasar da aka saye su. Abinci da magani da kayan shafa kuwa sai da izinin NAFDAC. Bayan an yi lodi, mai sayarwa zai aiko da rasidin ƙarshe da jerin abin da ke cikin kwalaye da takardar lodin jirgi. Banki ya miƙa su, kwastam su fitar da takardar da ake kira PAAR, wadda suke bayarwa tun ƙarshen 2013, kuma a kanta ake lissafin kuɗin fito. Sharaɗin dukkan waɗannan takardu ɗaya ne, wato bakinsu ya zo ɗaya, kuma abin da suka faɗa ya zama shi ne a cikin kwantena.

Alhaji ya buɗe Fom M a kan fankoki kaɗai. Ranar lodi sai wakilinsa na can ya bugo masa waya ya ce akwai sauran fili a bakin ƙofa, asara ce a bar shi haka tunda kuɗin jirgi ɗaya ne. Alhaji ya ce a cike da wayoyin jona wuta da fitilun hannu, wani maƙwabcinsa a kasuwa ma ya roƙi alfarmar a saka masa 'yan kwalaye. Babu wanda ya koma banki don a gyara takarda. A ganinsu dabara ce ta cin riba, kuma zumunci ne.

A tasha, kwastam na raba kaya gida-gida gwargwadon yadda na'ura ta auna hatsarinsu. Wasu sukan wuce da duba takarda kawai, wasu a bi da su ta na'urar haska kaya, wasu kuma sai an buɗe an duba da ido. Ta Alhaji ta faɗa cikin waɗanda za a buɗe. Kafin a buɗe ma sai ejan ya nemi rana, an ɗauko kwantenar daga inda aka jibge ta an sauke a filin bincike, wannan kaɗai ya ci kwanaki. Da aka yanke hatimi aka buɗe ƙofa, abin da ya fara bayyana shi ne kwalayen wayoyin jona wuta, waɗanda babu su a Fom M, babu su a PAAR, kuma takardar SONCAP ba ta ambace su ba. Nan take aka tsayar da aikin.

Ejan ya kira shi da yamma ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, me ya sa ba ka gaya mini akwai wasu kaya a ciki ba? Da na sani da tun jirgi na kan ruwa mun nemi gyara." Daga nan aka shiga sabon zagaye. Aka sake ƙidaya kayan, aka yi wa waɗanda ba a bayyana ba ƙima, aka rubuto takardar cikon kuɗin fito da tara, sannan aka koma neman daidaita batun ingancin ƙarin kayan da hukumar da abin ya shafa. Kowane mataki da teburinsa, kowane tebur da layinsa, ga Asabar da Lahadi da ranakun hutu da aiki kan ja baya.

Don mai karatu ya ga nauyin abin, bari mu yi lissafi da misali. Mu ƙaddara kayan dala 30,000 ne, kuɗin jirgi da inshora dala 5,000. Kwastam kan haɗa su ne su yi lissafi a kan dala 35,000. Idan canjin da suke aiki da shi a ranar naira 1,500 ne, ƙimar kayan ta zama naira miliyan 52.5. Jadawalin kuɗin fito na ƙasashen ECOWAS yana da matakai biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa galibi a kashi 20 suke. Kuɗin fito ke nan naira miliyan 10.5. Sai harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake ɗorawa a kan ƙimar kaya haɗe da kuɗin fito, kimanin miliyan 4.7. An haura miliyan 15 ke nan, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe. Idan canji ya ƙaru da naira 100 kacal kafin a yi wa kayan lissafi, sai an nemo ƙarin kusan miliyan ɗaya. Waɗanda suka shigo da kaya tsakanin 2023 da 2024 sun ɗanɗana wannan, domin canjin kwastam ya tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda.

Amma abin da ya fi cin Alhaji shi ne kuɗin kwana. Mutane da yawa ba su san cewa agogo biyu ne ke tafiya a kan kwantenar da ta maƙale ba. Na farko na kamfanin jirgi ne, domin akwatin ƙarfen nasu ne, aro suka ba ka. Sukan ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan sai kuɗin jinkiri, wanda 'yan tasha ke kira demorej. Na biyu na masu kula da filin tasha ne, wato kuɗin ajiya, haya ce ta wurin da kwantenar ke zaune. Dukkansu hawa-hawa suke, kuɗin kwana a mako na huɗu ya fi na makon farko nesa ba kusa ba. In muka ƙaddara su biyun a haɗe naira 100,000 ne a kullum, kwana 40 miliyan 4 ke nan, kuma ba a sakin kaya sai an biya. Agogon kamfanin jirgi ma ba ya tsayawa ranar da kwantena ta fita ƙofa. Sai babbar mota ta kai ta Kano, tafiyar kilomita kusan dubu, an sauke kaya, an mayar da ita Legas babu komai, sannan a rufe lissafi a cire abin da za a cire daga kuɗin jinginar da aka ajiye. Wanda kuma ya bar kayansa suka wuce wa'adin da doka ta gindaya, ana iya sanya su cikin kayan da suka daɗe, a bi matakan doka a yi gwanjonsu.

A waɗannan makonni Alhaji ya sayar da filin da ya tanada don ginin 'ya'yansa. Kullum da hantsi yaron shagonsa kan tarye shi da tambaya: "Maigida, yau akwai labari?" Shi kuma ya duba waya ya girgiza kai. 'Yan sarin da suka ba da kafin alƙalami suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar kuɗinsu cikin mutunci, domin su ma zafi ba zai jira su ba. Da kayan suka iso a mako na biyu na Mayu, kasuwa ta riga ta cika da fankokin wasu, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ya karya farashi ya sayar da abin da ya sayu, sauran suka kwana a sito suna jiran baɗi, ga batirin fanka ba ya son dogon zama.

Ba kowane jinkiri ne laifin mai kaya ba. Akwai cunkoson tasha, akwai ranar da na'ura ke tsayawa, akwai wahalar samun mota ta shiga Apapa. Wanda yake ganin an caje shi kuɗin da bai dace ba yana iya kai ƙorafi Majalisar Masu Safarar Kaya ta Najeriya, wadda aikinta ke nan. Akwai kuma tashoshin tudu, ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala da ke Zawachiki a Kano da aka buɗe a 2023, waɗanda aka kafa don ɗan Arewa ya yi fiton kayansa kusa da gida. Mai son bin wannan hanya sai ya tsara ta tun wajen rubuta takardar lodin jirgi.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa kuwa a bayyane yake. Kafin a rufe kwantena, ya sa a turo masa jerin kayan ya gwada shi da Fom M layi bayan layi, in an ƙara ko kwali ɗaya ne a koma banki a gyara. Ya biya cikon kuɗin mai sayarwa da wuri don takardar lodin jirgi ta iso hannunsa kafin jirgi, domin ba a sakin kaya sai da ita ko da saƙon saki daga can. Ya matsa a fitar da PAAR tun kaya na kan ruwa, tunda tafiyar takan ɗauki sama da wata guda. Ya nemi ƙarin kwanakin kyauta daga kamfanin jirgi lokacin da ake cinikin kuɗin dako. Ya yi aiki da ejan mai lasisin kwastam, ya gaya masa gaskiyar abin da ke ciki, kuma ya riƙa karɓar rasidin banki na kowane biya. Alamar haɗari ita ce ejan da ya yi maka alƙawarin kuɗin fito mai arha fiye da na kowa, domin sau da yawa lambar kaya zai sauya ko ya rage ƙima, in an gano kuma sunanka ne a takarda.

Alhaji ya sake yin oda bana. Ya ce da wakilinsa ya bugo ya ce akwai sauran fili, amsar da ya ba shi ita ce a rufe haka nan. Ɗan'uwa ɗan kasuwa, rigakafi ya fi magani: kada ka bari a saka wa kwantenarka hatimi sai abin da ke cikinta ya yi daidai da abin da ke rubuce a takardarka.