Gano Faifan Waƙa Daga Bango, Launi Da Jerin Waƙoƙi

Wanda ya manta sunan faifan waƙa yakan riƙe abu uku a ka: hoton da ke bango, launinsa, da yadda waƙoƙin suke bin juna. Ƙarfin shaidun nan uku ba ɗaya ba ne. Launi ne mafi rauni, hoto ya ɗan fi shi, jerin waƙoƙi kuwa shi ke yanke hukunci. Fayafayan Bob Marley, mawaƙin Jamaika da ya rasu a 1981, sun dace da nuna yadda ake wannan bincike, domin kasa-kasansa sun zaga kasuwanninmu sosai, kuma da yawansu suna rikita mai nema.

A ɗauka mutum ya ce yana neman wani kaset da ya saurara yana yaro. Bangon ruwan zinare ne, ko dai rawaya, da jan rubutu a tsakiya, kuma ba ya tuna ganin fuskar kowa a jiki. Abin da ya riƙe kawai shi ne da waƙar "Exodus" ta ƙare sai "Jamming" ta shigo.

Launin da ya faɗa ba ya kai mai bincike nesa. Ja da rawaya da kore launukan 'yan Rasta ne, kuma sun cika bangon fayafayan rege na mawaƙa barkatai. Ban da haka, launi yana kodewa. Takardar da ta daɗe a rana, kamar wadda ake jerawa a gaban shago, ja da rawayanta ke fara dusashewa, shuɗi ya saura. Masu kwafar kaset kuma sukan buga bango da araha, ruwan zinare ya fito kamar ruwan ƙasa. Saboda haka wanda ya ce rawaya-rawaya zai iya nufin Rastaman Vibration na 1976, wanda aka yi wa bango mai kama da buhun algarara. Amfanin launi shi ne fitar da abin da bai yi kusa ba ko kaɗan. A nan ya fitar da Survival na 1979, wanda tutocin ƙasashen Afirka suka cika bangonsa.

Siffar bango ta fi launi zama a ƙwaƙwalwa, musamman abin da babu a jiki. Maganar "ba fuskar kowa" ta rage aikin ƙwarai, tunda yawancin fayafayan Marley da hotonsa ko zanensa a gaba, har da Rastaman Vibration ɗin. Wanda ya rage shi ne Exodus, da kamfanin Island ya fitar a watan Yuni na 1977: fili ruwan zinare, da sunan faifan cikin jajayen haruffa masu kama da rubutun Habasha, aikin mai zane Neville Garrick. Sai dai bango ma yana yaudara, don faifai ɗaya kan fito da bango biyu. Catch a Fire na 1973 ya fara fitowa cikin kwali mai siffar kyastu na zamani, irin mai murfin da ake ɓallewa, daga baya aka koma hoton Marley yana busa hayaƙi. Mutum biyu za su iya yin musu a kan bangonsa alhali kowa gaskiya yake faɗa.

A nan ne ake komawa kan jerin waƙoƙi. Dalilin ƙarfinsa a fili yake: a zamanin faifan garmaho da kaset, tsallake waƙa wahala ne, mutum yakan bar su su bi juna sau ɗari, har ya zamana kafin wata ta gama mutuwa kunne ya fara jiyo farkon ta gaba. Wannan sabo ya fi tuna lamba inganci. Wanda ya ce "ita ce ta huɗu" yakan yi kuskure, wanda ya ce "daga wannan sai wannan" da wuya ya kauce. Don haka tambayar da ake yi wa mai nema ita ce wace waƙa ke buɗe kaset, wacce ake ji kafin a juya shi, wacce kuma ke rufewa.

Amma shaidar da mutumin nan ya kawo tana da tarko. A faifan Exodus waƙoƙi 10 ne, biyar a kowane gefe. "Exodus" ce ke rufe gefen farko, "Jamming" ta buɗe na biyu. A Legend kuwa, wanda tarin fitattun waƙoƙinsa ne da aka fitar a 1984 bayan rasuwarsa, waɗannan biyun suna bin juna haka nan, a can ƙarshen jerin waƙoƙi 14. Waƙoƙi biyar na Exodus duk suna cikin Legend, kuma Legend ne ya fi duk fayafayansa yawa a hannun jama'a. To, abin da ya tuna ya dace da duka biyun.

Tambaya biyu ke raba gardama. Ta farko: tsakanin waƙoƙin nan biyu, ana tashi a juya kaset? Idan ana juyawa, alama ta karkata ga Exodus. Ta biyu ta fi ƙarfi: me ke zuwa bayan "Jamming"? Idan "Waiting in Vain" ce, aka ci gaba har aka rufe da "One Love", faifan 1977 ne. A Legend, "Waiting in Vain" tana zuwa ne kafin su. Za a iya ƙarawa da mabuɗi: Exodus yana farawa da "Natural Mystic", wadda sautinta ke tasowa a hankali kamar daga nesa, Legend kuma da "Is This Love". Idan amsoshin suka nuna Legend alhali bangon da aka kwatanta na Exodus ne, mai yiwuwa an sa kaset a kwalin da ba nasa ba, abin da ke faruwa a kowane gida mai kasa-kasai da yawa. Bangon Legend hoton fuskar Marley ne, ya dafa haɓa da hannu, da zobe a yatsa.

Jerin waƙoƙi ma yana da iyaka. Kamfani kan sauya shi daga bugu zuwa bugu. Akwai bugun Survival da ke farawa da "So Much Trouble in the World", akwai mai farawa da "Wake Up and Live". Sabbin bugu na faifan sidi sukan ƙara waƙoƙi a ƙarshe, ta yadda wadda aka sani da rufewa ta koma tsakiya. Kaset ɗin da aka ɗauka a shago ya fi rikitarwa. Kaset na minti 90 yana da minti 45 a kowane gefe, Exodus kuwa bai kai minti 40 ba, don haka mai ɗauka kan zuba shi duka a gefe ɗaya, ya cike sauran filin da waƙar wani faifan, ya sa wani daban a baya. A irin wannan kaset tambayar juyawa ba ta aiki, kuma waƙa ɗaya da ta ƙi shiga jerin ba ta isa a yi watsi da faifan da sauran suka dace da shi ba.

Tabbatarwa ta ƙarshe ana yin ta a rumbunan bayanan fayafayai irin su Discogs da MusicBrainz, inda ake jera kowane bugu da shekararsa da ƙasarsa da jerin waƙoƙinsa. Ana neman sunan mawaƙi, a buɗe fayafayansa na shekarun da ake zato, a gwada mabuɗi da marufi da waƙoƙin da ke maƙwabtaka. Wanda kuma ya sami tsohon kwali a hannu, ko da sunan ya goge, lambar kamfani da ke gefe ko baya ta wadatar: bugun Exodus na Birtaniya a faifan garmaho yana ɗauke da ILPS 9498.